Layin Ƙarshe a Takardar Rahab

Rumfata tana manne da ta Rahab a layin 'yan hatsi na Malumfashi. Ni ina sayar da buhunan zuba kaya, ita tana sarin masara da waken soya tana lodawa Funtua. Tun zuwanta daga Gozaki na san ta, mace ce doguwa mai saurin baki, wadda ko atishawa a gurguje take yi. Da kaka ba ta da lokacin kanta. Direba na kira, dillali na jira, masu awo sun tsaya da mudu a hannu.

Kowace safiya sai ta yagi kwalin omo ta rubuta abin da za ta yi, da rubutun nan nata kamar kaji sun yi tono. A ƙasan kwalin kullum abu ɗaya ne: Gaida Baba. Mahaifinta, Baba Yabo, yana Gozaki, idonsa na dushewa a hankali, kuma ya sha aiko mata cewa yana son ya gan ta tun yana iya gani.

Ƙanwarta Angela, malamar firamare, ita ta koya mata dabarar. Ta ɗauki hoton kwalin, ta tura wa manhajar nan ta waya da ake hira da ita, ta ce a jera mata mafi muhimmanci tukuna, kowanne da lokacinsa. Manhajar ta karanta, inda rubutun ya gagare ta ta tambaya. Sannan ta tambayi wanne ne ke da lokacin da ba ya ɗaguwa. Rahab ta ce lodin mota, da kasuwar Dayi, da mai feshin sito.

"Gaida Baba fa?" in ji Angela.

"Shi ai yana nan," Rahab ta ce.

Sai jadawali ya fito tsaf. Safe awo da ɗinkin buhu, hantsi lodi, azahar Dayi, la'asar sito. Gaida Baba ya faɗa yamma. Manhajar har ta faɗa mata gaskiya, cewa aikin ya fi ƙarfin yini ɗaya, ta zaɓi abin da za a ɗage. Ba laifin wayar ba ne, abin da aka gaya mata da shi ta yi aiki. Rahab ba ta gaya mata cewa a wannan zamanin ba mai hankalin da zai hau hanyar ƙauye rana na faɗuwa ba. Ba ta kuma gaya mata cewa a layinmu ba a awo sai an tambayi gida da gona da gajiyar jiya ba. Kowane lokaci sai ya ci na bayansa, yamma ta yi, Baba ya koma kwalin gobe.

Abin haushin, kasuwarta ta gyaru. Mota ba ta ƙara tafiya ta bar ta ba, sai dillalai suka ƙaru. Na ce mata, "Rahab, wayar nan ta zama uwar ɗakinki." Ta yi dariya ba ta ɗago ba. Ni dai tausayinta nake ji, don duk gurbin da jadawalin ya buɗe mata, sabon aiki ke shigewa.

Wata rana da hantsi sai ga Baba Yabo a bayan ɗan acaɓa, ya riƙe sanda. Rahab ta durƙusa ta gaishe shi, ta zaunar da shi kan buhu, ta ce, "Baba, yanzu nake zuwa, a gama lodin nan." Na kawo masa ruwa. Ya yini yana juya kai duk inda ya ji muryarta. Da la'asar ɗan acaɓan ya ce su kama hanya.

"Rahab, zo ki tsaya a hasken nan," in ji tsohon.

Ta taho ke nan direba ya danna hon, buhu ɗaya ya fashe a bakin mota. Ta ce, "Baba, ina nan tafe Lahadi bayan coci." Lahadin nan mai feshi ya zo.

Sai bayan an gama kaka ta ɗauki biro ta rubuta shi a saman kwali: Gaida Baba, da safe, ba ɗagawa. Ta ƙara da cewa tafiya da dawowa za su ci rabin yini. Nan take manhajar ta sa shi farko, ta tura sauran baya. Abin da ake buƙata ke nan tun farko, kuma da ta gane haka ta daɗe tana kallon wayar.

Na raka ta. Mun same shi a ƙofar gida, rana tar a fuskarsa. Rahab ta tsaya a gabansa, cikin hasken, tana jira ya gane ta da ido. Ya ɗaga kai ya yi murmushi irin na karɓar baƙi.

"Sannunku da zuwa," ya ce. "Wa ke nan?"