Garinmu ba ya cikin jerin

Ni na koya wa ƙanwata ɗinki, a kan keken mahaifiyarmu da muka taso da shi daga Randagi shekarar da zama ya gagara. Mu biyu muka rage a 'yan gidanmu, shago ɗaya a Birnin Gwari, tukunya ɗaya. Ban taɓa kawo wa raina za mu rabu ba.

Da ta buɗe shafi a intanet tana sa hotunan ɗinkinta, faɗa na yi ta yi. Ga aiki jibge, ita tana bakin ƙofa ta ɗaga waya sama tana neman sabis.

Wata rana ta zaunar da ni ta nuna mini wani ɓangare na shafin da mai shi kaɗai ke gani. Lambobi ne da zane-zane.

"Yaya, duba. Leshin nan kowa ya danna yana so, amma ba wadda ta turo saƙo. Rigunan yaran nan kuwa adana hoton ake yi, ana tura wa wasu. Masu saye ke nan."

Na ce to, malama. Ta bar leshi ta koma kayan yara. Ta ga mabiyanta sun fi leƙowa bayan la'asar, ta koma sa hoto a lokacin. Wallahi aiki ya zo, har muka ƙara keke. Na daina faɗa.

Akwai wurin da ke jera garuruwan masu kallo. Kaduna ce a sama, sai Abuja, sai Zariya. Na sa ta ja ƙasa har ƙarshe, garinmu babu.

Matsalar ita ce hanya. Direba muke ba wa kaya, kuma motar sai ta ratsa dajin nan na 'yan bindiga. In an ce hanya ba kyau, ba mai tashi. Wata mata ta yi odar kayan suna, suka kwana shida a tasha, aka yi suna aka watse. Ƙanwata ta maido su shago, ta ɗaga 'yar rigar jaririn tana kallo.

Bayan sati ta ce, "Yaya, masu sayen nan duk suna can wajen Kaduna, gara in koma."

Na so in ce ƙarya ne. To da me? Ni ma na iya karanta abin, ita ta koya mini. Na yi masifa, na yi kuka, na ce ta tafi ɗin. Ni kuwa ga miji ga yara, ina za ni?

Yanzu tana Kaduna, da shagonta. In sabis ya zo nakan buɗe bidiyon da take yanka yadi, don kawai in ga hannunta. Rannan na ce mata a waya na kalla ya fi a ƙirga, ai ko don ni garinmu ya shiga jerin.

Ta ce, "Yaya, kallon dai yana ƙaruwa. Amma a lissafin mutanen da bidiyon ya kai gare su, mutum ɗaya shafin yake ƙirga ki."