Ɗigo Ashirin da Ɗaya

A shekarata ta uku a jami'a, can Gwagwalada, Malamin lissafi ya ba mu aikin gida mai maki ashirin, waɗanda nake matuƙar buƙata. Ya rubuta 1/(1+25x²) a allo, ya ce mu zaɓi ɗigo-ɗigo masu tazara ɗaya tsakanin −1 da 1, mu nemo polinomiyal, wato lissafin lanƙwasasshen layi, da zai ratsa su duka, mu zana shi a kan layin asali na abin da ya rubuta a allo. Layin asalin ɗan tudu ne, tsayinsa ɗaya tak.

Abokin ɗakina ya zaɓi ɗigo biyar, ya gama kafin la'asar, ya tafi ƙwallo. Ni kuwa na ce abin da ya yi ganganci ne, yawan ɗigo shi ne inganci. Na sa goma sha ɗaya. Tsakiya ta zauna daram, amma a gefe biyun layin ya yi tsalle ya kusa kai biyu. Na ƙara zuwa ashirin da ɗaya, kuskuren, wato ratar da ke tsakanin layina da na asali, ya doshi sittin.

Kwana uku ina neman inda na ɓata. Na goge abin da na rubuta wa kwamfuta, na sake. Na bi wasu wuraren da biro da kalkuleta, amsar ba ta canza ba. Ƙa'idar auna kuskure da aka koya mana, mai raba lambar sama da ta ƙasa, ce ta fi ba ni haushi: faktoriyal, wato 1×2×3 har zuwa yawan ɗigon, na zaune a ƙasanta, yana girma kamar me, to ta yaya kuskure zai ƙi raguwa?

"Oga Farfesa," in ji abokin nawa, "ka datse gefen zanen mana. Wa zai sani?"

Na ce ni zan sani. Ya ce to in je in tambayi Malam. Sau biyu ina isa ƙofar ofishinsa ina juyowa.

Ranar Laraba, ana gobe miƙawa, na daina kallon ƙasan ƙa'idar, na dubi samanta. Dirabatif ɗin da ke can, mai auna saurin canzawar layi, shi ma yana ɗauke da nasa faktoriyal, har da ƙarin ninki biyar kusan kowane mataki. Ga kuma tazarar da ke tsakanin x da kowane ɗigo, da ake ninkawa gaba ɗaya: a tsakiya 'yar kaɗan ce, kusa da gefe kuwa sai ta kumbura. Ashe ban ɓata komai ba. Na cunkusa ɗigon zuwa gefe-gefe yadda littafi ya nuna, layin ya kwanta.

Na miƙa zanen mai tazara ɗaya da ƙahonninsa na gefe, ban datse ba, tare da bayani shafi huɗu.

Malam ya ba ni sha takwas, ya cire biyu wai na cika tsawo. Sannan ya ɗaga takardata gaban aji.

"Wannan fa darasin mako mai zuwa ne. Da ka leƙo ofis, da minti biyar ya ishe mu."

Abokina, mai ɗigo biyar, ya samu sha bakwai. Har muka gama zangon yana tuna mini cewa kwana ukuna maki ɗaya suka haifa.