Goggo Rawaya da Mai Karatu da Kunne

Shagon Goggo Rawaya yana ƙarƙashin matakala, daura da ƙofar jami'a: tebur ɗaya, kwamfuta, da fankar da sai an ɗan mare ta take juyawa. Aikinta buga rubutu. Ɗalibai kan turo mata hoton takardun lacca da malamai suka rubuta da hannu, ita kuma ta mayar da su rubutun na'ura.

Sunan ya samo asali daga ɗabi'arta. In kalma ta dushe a hoton, ko inuwar naɗin takarda ta cinye rabinta, sai ta ƙara girman shafin, ta duba yadda malamin ke rubuta wannan harafin a wasu wurare. In har yanzu zuciyarta ba ta kwanta ba, ta buga abin da take zato, ta shafa masa launin rawaya, don mai takarda ya je ya tambaya.

"Goggo, ki cika kawai mana," ɗalibai kan ce.

"Ni zan zauna muku jarrabawar?"

Cikin masu zuwa akwai wani makaho mai karanta tarihi, wanda abokansa ke kira Alƙali saboda son gardama. Shi kwamfutarsa ce ke karanta masa da murya. Ana saura mako guda jarrabawa ya zo karɓar kashi na ƙarshe, ya zauna a benci yana bitar na baya da ka. Goggo na bugu tana saurare, har ya ambaci wata shekara, ya wuce abinsa ba ko tsayawa.

Hannunta ya tsaya.

"Ɗana, wannan shekarar ka tambayi malaminku? Ai na sa mata rawaya."

"Rawaya kuma?" Ya yi dariya. "Goggo, ni da na'urata ba wanda ya taɓa ba mu labarin launi."

Ita ba ta yi dariya ba. Ashe tun farkon zango muryar ke karanta masa zatonta da tabbacinta da sauti ɗaya, shi kuma yana haddacewa.

Ta jawo kujerarta kusa da shi, ta buɗe takardunsa tun daga na fari. Duk inda rawaya take, ta rubuta da kalmomi: "Goggo ba ta tabbata ba", sannan lambar shafi da layi. Alƙali ya sa abin sauraro a kunne ya gwada.

"Kai, Goggo! Ashe haka kike yawan shakka?"

"Tashi ka samu malamin tun bai bar ofis ba."

Da la'asar ya dawo, sandarsa na ƙwanƙwasa matakala. Malamin ya duba asalin takardunsa: yawancin zaton Goggo daidai ne, amma shekarar nan ba haka take ba, haka ma sunan wani gari.

Ta gyara, ta goge gargaɗin ɗaya bayan ɗaya. Guda ta bari, inda malamin ya ce shi ma sai ya koma littafi.