Hoton Inna a Kan Tallan Cuku

Surukata ce ke yin cukun da muke sayarwa. Tana zaune a wani ƙaramin gari kusa da Azagor, ita da shanun da mijinta ya bari, kuma tun kafin in auri ɗiyarta mutane sun san hannunta. Cukunta siriri ne, fari, da zanen tabarmar da aka shanya shi a kai. Ni da matata muna Dakoro. Mu ke karɓa, mu ɗaure cikin leda da kwali, mu kai tasha a sa a mota zuwa Maradi ko Yamai. Masu saye ba su taɓa ganinmu ba. A wata kasuwa ta intanet muke da butik, wato ɗan shagonmu, da kaya iri biyu kawai: cuku da man shanu.

Matata ce ta kawo maganar rubuta duk abin da muka taɓa a tallan. A shekararmu ta farko mun taɓa canza suna da farashi da hoto rana guda, ciniki ya ja baya, muka rasa wanne ne ya jawo. Muka yi ta gardama kamar makafi biyu a kan launin zane. Daga nan ta buɗe wani tablo, wato jadawali, a salula wanda mu duka muke iya shiga. Duk wanda ya canza wani abu sai ya sa rana, da kayan da ya taɓa, da yadda abin yake a da, da yadda ya koma, da wanda ya yi, da dalili. In hoto ne, a ajiye tsohon. Ta kuma kafa doka: abu ɗaya ake canzawa, a bar shi ya yi sati biyu kafin a taɓa wani. Ni dai na ɗauki abin wahalar da kai, amma ina cikawa don a zauna lafiya.

Bayan damina na je kai wa Inna gero da sukari. Haka nake kiranta, kamar yadda ɗiyarta ke kira. Na tarar da ita a bakin rumfa tana jera cuku a tabarma, rana ta yi sanyi, shanu na dawowa ta bayanta. Tsakanina da ita akwai kunyar surukai. Ina cire takalmi tun daga nesa, in durƙusa, in gaishe ta idona a ƙasa. Amma ran nan na yi ƙarfin hali na ce ko za ta yarda in ɗauke ta hoto, mutanen birni su ga mai yi musu cuku. Sai ta shiga ɗaki ta canza mayafi, ta fito ta zauna, ta ɗauki cuku guda ta riƙe a ƙirji.

Hoton ya yi kyau ƙwarai. Da salula ta kama rezo a kan hanya na cire tsohon hoton farko, wanda cuku ne zalla a kan faifai, na sa nata. Na shiga tablo na cika layina. A wurin dalili na rubuta: don girmama Inna.

Da na koma wani zuwan na nuna mata. Ta rufe baki da mayafi tana dariya, ta aika a kira maƙwabta. Mata suka zagaye salular suna cewa yau ga ta har Yamai ba ta hau mota ba. Na ji daɗi a ranar irin wanda ban cika ji ba, don tunda na auri ɗiyarta ban taɓa ba ta wani abu da ya sa ta dariya haka ba.

Sannu a hankali kwamandi, wato saƙon masu son a aika musu kaya, suka ragu. Cuku ya fara taruwa a ɗakinmu, ga shi in ya daɗe yana ƙara tauri, launinsa ya juya. Na ce rezo ne. Na ce wata kila mutanen garin Tawa ne suka shigo da nasu mai araha. Na rage farashi, na rubuta a tablo, abin bai motsa ba. A ƙarshe na aika wa Inna ta rage yawan da take yi, wai kasuwa ta yi sanyi. Ita kuwa a lokacin nono ya wadata, lokacin da ta fi samu ke nan a shekara.

Wata rana bayan azahar matata ta ajiye tsintar shinkafa ta ce, "Malam, zo mu duba tare."

Ta buɗe shafin mai butik, inda kasuwar ke nuna abu uku: sau nawa tallanmu ya bayyana gaban masu nema, mutum nawa suka taɓa suka buɗe shi, da mutum nawa suka saya. Ta sa tablon a tawa salular, muka jera su a tabarma.

"Dibi man shanu," in ji ta. "Bai faɗi ba. Da rezo ne ko mota, da tare za su faɗi."

Ta matsa yatsa kan cuku.

"Cuku kuma yana bayyana kamar da. Ke nan ba suna ba ne, masu nema suna samunmu. Waɗanda suka buɗe, suna saye kamar da. Ke nan ba farashi ba ne, kuma ragin da ka yi, bayan faɗuwar ya zo. Abin da ya ragu shi ne masu buɗewa. Suna gani su wuce."

Ta ɗora yatsa a satin da yawan masu buɗewa ya faɗi, ta koma tablo ta gangara har wannan satin. Canji ɗaya ne a wurin. Ta karanta shi a zuci, ba ta ɗago ba. Ni na san abin da ke rubuce, har da dalilin.

Na ce mata, da zafi, "To mi kike nufi? Fuskar mahaifiyarki ce ke korar mutane?"

"Ban ce ba. Kuma ban tabbatar ba tukuna. Mu mayar da tsohon hoton gaba, nata ya koma na biyu, kar a taɓa komai, mu gani."

Ta nuna mini yadda tallan ke fitowa a jerin masu nema, ɗan mitsitsi kamar farcen babban yatsa. A cikinsa ana ganin wata tsohuwa da shanu. Cukun ɗigo ne fari a ƙirjinta. Wanda ke neman cuku yana sauri, ba abin da zai tsayar da shi. Ni a babban hoto nake kallonsa kullum, ban taɓa duba ƙaramin ba.

Muka mayar. Ita ta rubuta layin. Kafin sati biyun su cika masu buɗewa sun dawo, kwamandi suka biyo baya. Sai da muka tabbatar sannan muka mayar da farashin, shi ma da layinsa.

Na roƙi matata ta gaya wa Inna. Ta ce ni na sa, ni na nuna mata gaban maƙwabta, ni ya kamata in faɗa. Na yi ta ɗagawa. Na aika dai a ce ta ci gaba da yi da yawa, kasuwa ta buɗe.

Da sanyi ya shigo Inna ta zo Dakoro ganin likita saboda gwiwarta, ta sauka gidanmu. Da hantsi ina gaishe ta, ga wata ƙawarta ta garinmu ta zo duba ta, sai Inna ta ce mini, "Nuna mata ni." Na juya salular wajena, na buɗe tallan, na ja hoton farko gefe da sauri, sannan na miƙa musu na biyu kamar shi ne a gaba. Suka yi ta murna. Matata na tsaye da butar shayi, ta ga abin da yatsana ya yi. Na mayar da salular aljihu. Mutum mai 'ya'ya, ina yi wa tsohuwa wayon yara a cikin gidana.

Da baƙuwar ta tafi, Inna ta ce akwai abin da ke damunta. Mi ya sa aka ce ta rage a lokacin da nono ya fi yawa, yanzu kuma da shanu suka fara ƙafewa ake cewa ta ƙara? Ko akwai abin da ya lalace a cukunta ne muke jin nauyin faɗa mata?

Wannan tambayar ce ta kai ni ƙasa. Ashe duk watannin nan hannunta take zargi. Na durƙusa inda nake, na ce cukunta lafiya lau, ni ne na sa hoto inda bai dace ba. Na yi ta kewaye-kewaye, magana ta ƙi fita daidai, har matata ta karɓa ta bayyana mata dalla-dalla: ranar da aka sa, abin da ya ragu, ranar da aka mayar.

Inna ta saurara har ƙarshe. Ta ce, a hankali, "Ashe ni na tare hanya."

Na ce a'a, wallahi ba ita ba ce, ƙanƙantar hoton ce. Ta ce a nuna mata ƙaramin. Matata ta ƙanƙance hoton daidai yadda yake fitowa a jeri. Inna ta kai shi kusa da ido, ta nisanta shi, ta ce ita ma ba ta ga cukun ba. Ta ɗan yi murmushi, amma ba irin dariyar rannan ba. Sai ta tambaya, ɗazu da na nuna wa ƙawarta, a gaba yake ko a baya? Na ce a baya. Ta gyaɗa kai ta miƙo salular, ba ta ƙara tada maganar ba har ta koma.

Ranar tafiyarta ta gaya wa ɗiyarta, ba ni ba, cewa a cire hoton gaba ɗaya daga wurin, a wanke mata shi a takarda. Matata ta cire, ta rubuta layin, a wurin dalili ta sa: Inna ta ce. Muka jira sati biyu kamar kullum, ciniki bai motsa ko ta ina ba.

Na kai hoton wurin mai wanke hoto a bakin kasuwa, na sa aka yi masa gilas, na kai mata da kaina. Ta karɓa ta yi godiya ta sa mini albarka. Ban taɓa ganinsa a rataye a ɗakinta ba. Matata ta ce yana cikin akwati, tsakanin zannuwa. Har yau ina zuwa ɗaukar cuku, tana ba ni nono a ƙwarya, muna gaisawa yadda muka saba, sai dai ban sake fito da salula a gabanta ba.