Shayin Marowaci

A wata masana'antar bilic, ruwan nan mai cire tabo a tufafi, ba wanda ke kiransa da sunan da ke kan katin aikinsa. Baba Dakata suke ce masa, tun daga mai gadi har manaja, domin shekara ashirin da bakwai da ya yi a ɗakin gwaji, kalmar da ta fi fita daga bakinsa ita ce "dakata". Matarsa ma takan ce ko gobara ce ta tashi, sai ya fara neman murfin kwalba.

Aikinsa ɗaya ne: auna ƙarfin kulorin a kowane tanki kafin a zuba a robobi. Yakan ɗibi bilic kaɗan ya tsarma da ruwa, ya sa gishirin ayodaid da ɗan asid. Nan take kulorin zai saki aidin, ruwan ya koma ja-ja mai duhu. Sai ya ɗiɗɗiga masa ruwan tayosalfet daga buret, wato dogon bututun gilas mai awo da ɗan famfo, har aidin ɗin ya ƙare. Gab da ƙarshe akan zuba ruwan sitaci, wanda ke yin shuɗi muddin da sauran aidin. Yawan tayosalfet ɗin da aka ɗiga shi ke faɗin ƙarfin bilic ɗin.

Aidin kuwa yana bi da shi kamar surukinsa. Kwalbarsa mai duhu ce, a cikin kabad, nesa da taga da murhu. "Mai ƙafa ne," in ji shi. "Ka bar shi a buɗe, ya bi iska ya gudu, awonka ya ragu. Ka bar haɗin a rana, iska ta ƙara maka wanda ba naka ba, awonka ya haura." Tururinsa na sa hawaye, ga tabo. Akwai wani a aljihun farar rigarsa da ya girmi wasu ma'aikatan.

Da lokacin ritayarsa ya matso, aka ɗauko wata mai digiri a gwaji na wata uku. Ya sa mata 'Yar Jami'a, ita kuma ta riƙa ce masa Baba. Kafin ya kai ga nuna mata komai a kan tebur, ya zame a banɗaki ya targaɗe, likita ya zaunar da shi mako biyu. Darasin ya koma ta waya.

"Sitacin fa, Baba? Littafi ya ce sai ruwan ya yi launin busasshen kara."

"Ajiye littafin nan, 'yata. Kara iri nawa ne a duniya? Ki jira har ya zama shayin marowaci, sannan ki zuba."

"Shayin marowaci. To, na gane."

Ranar da ya dawo yana ɗingishi da sanda, ya tarar da manaja a ƙofar ɗakin gwaji da takarda a hannu.

"Baba Dakata, sannu da ƙafa. Duba mini nan. Tanki ɗaya, awo uku: ashirin da uku da ɗigo ɗaya, ashirin da huɗu da ɗigo shida, ashirin da uku da ɗigo takwas. Wannan awo ne ko caca? Motoci biyu na jira. In yau ba ta kawo uku masu kama da juna ba, zan rubuta cewa ba ta iya ba."

'Yar Jami'a na tsaye bakin famfo, tana wanke kwalbar da ta riga ta wanke.

"Dakata, Oga," in ji Baba.

"Na san za ka ce haka."

Ya ja kujera ya zauna, ya ce ta yi a gabansa, ba zai ce uffan ba. Ta auna, ta zuba, ta toshe kwalbar, ta sa ta a kabad minti biyar. Ya gyaɗa kai. Hannun nan ba na wasa ba ne. Ta buɗe famfon buret, ta ɗiga kaɗan, tana juya kwalbar. Ruwan na nan da duhunsa sai ga ta ta miƙa hannu ga sitaci.

"Dakata! Ina za ki?"

"Baba, ai ka ce ba za ka ce uffan ba."

"Na fasa. Wannan ne shayin marowaci?"

"Shi ne mana. Baƙi ƙirin, ba madara, ba sukari. Haka kawuna yake ba baƙi."

Baba ya dafe kai. Manaja ya dube shi, ya dube ta.

"To naka marowacin yaya yake yi?" ta tambaya.

"Nawa? Ganye ɗaya, kofi biyar. Ya tsoma, ya cire, ya shanya don gobe. Ruwan zafi ne da ya taɓa gaisawa da shayi."

Manaja ya fashe da dariya har takardar ta faɗi. "Ashe marowatan ne ba su daidaita awonsu ba."

Baba bai yi dariya ba tukuna. Ya ce ta raba haɗin gida biyu, su ɓata wannan don ta gani. A rabi ɗaya ya sa ta zuba sitacin nan take. Ruwan ya yi baƙi, da 'yan ɗigo-ɗigo suna yawo. Ta ɗiga tayosalfet, launin ya ƙi tafiya. Ta ƙara, ya dusashe a hankali, ya yi kamar ya tafi, ya sake leƙowa.

"Kin gani? In aidin na da yawa, sitaci rungume shi yake yi ya ƙi saki. Ke kina ta ɗigawa, shi yana sakin sa da ƙyar, kin wuce wurin tsayawa ba ki sani ba. Yau ki wuce da kaɗan, gobe da yawa."

Ya juya ga manaja. "Oga, in za ka rubuta, rubuta ni. Littafinta ya faɗa mata daidai, ni na ce ta ajiye shi."

"Awo uku na ce," in ji manaja, yana share ido. "Ban janye ba."

Ta dafa sabon sitaci, don Baba ya shinshina na kwalbar ya ce ya kwana da yawa. Ta sake haɗi. Wannan karon ta ɗiga har duhun ya koma ja, jan ya koma rawaya, rawayar ta koɗe. Ta ɗago ta dube shi. Ya kafe idonsa a silin. Ta ƙara ɗigo kaɗan, sannan ta zuba sitaci. Ruwan ya juye shuɗi mai duhu, tas, ba gudaji. Ɗigo, juyi. Ɗigo, juyi. A wani ɗigo guda shuɗin ya ɓace, kwalbar ta koma kamar ruwan sha.

Ashirin da biyu da ɗigo huɗu. Na biyu, da ɗigo biyar. A na uku Baba ya ce, "Da..." ya haɗiye sauran. Da ɗigo huɗu.

Manaja ya ɗauki takardarsa daga ƙasa, ya sa hannu a kanta, ya leƙa taga ya ce wa direbobi su matso. A ƙofa ya waiwayo. "Ki kawo hotonki gobe, a yi miki katin dindindin."

Da suka rage su biyu, ta wanke hannu suka fita baranda, inda Baba ke ajiye butarsa, don bai yarda a sha komai a ɗakin gwaji ba. Ya tsoma ganye ɗaya a kofinta, ya cire, ya tsoma a nasa.

Ta ɗaga kofin ta duba. "Baba! Ashe kai ne marowacin."

"Babbar 'yata ce ta sa masa sunan, Allah ya jiƙanta. Tana aji uku lokacin. Ta ce ko kuka aka yi a kofi ya fi shi kauri."

'Yar Jami'a ta ce amin. Sannan ta kai kofin baki.

"Dakata," in ji shi. "Da zafi."