Ranar da Salifou Ya Fassara Jawabin 'Yarsa

Salifou Mahaman mutumin Damagaram ne, kuma duk wanda ya san shi a Greensboro ya san abu biyu game da shi: yana jin Indiyanci, kuma bai iya shiru ba. Da bakin nan ya ci abinci shekara goma sha ɗaya a Yamai. A wani gidan kallo na langa-langa yake tsayawa gefen talabijin da makirufo, fim ɗin Indiya yana tafiya, shi kuma yana mayar wa jama'a da Hausa. Shi ne jarumi, shi ne budurwa, shi ne tsohuwar da ke kuka. A fim ya tsinci harshen, sannan ya goge shi a kantin wani Ba'indiye mai sayar da yadi, inda ya yi aikin awo. Doka ɗaya ce a sana'arsa, kada a bar gurbi. In ɗan wasa ya yi shiru, mai fassara ya cike, in ba haka ba 'yan kallo su fara hira.

A Amurka babu mai neman wannan gwaninta. Ya zama mai gogen daɓe a wani kamfanin shara, yana zaune a gida mai ɗaki biyu a East Greensboro. Matarsa Kouloussoum ta jure shekara tara, sannan ta koma Ohio wajen yayarta. Da aka tambaye ta laifinsa, ta ce ba ya duka, ba ya zagi, amma tun da ta aure shi ba ta taɓa kai ƙarshen maganarta ba. 'Yarsu Dalila ta zauna da shi saboda makaranta.

Kamfanin ne ya tura shi wani zaure wajen Sedgefield, inda iyalan Indiyawa ke haya duk Lahadi don koya wa 'ya'yansu harshen gida. Ba shi da inda zai bar yarinya, sai ya riƙa zuwa da ita tana zama a bayan aji. Wata rana shugabar makarantar, Malama Sudha, ta ji mai shara yana gyara wa wani yaro jimla, ta tsaya baki buɗe. Daga ranar aka ba Dalila kujera. Shekara takwas ta yi, ta iya rubutunsu mai rataye a jikin layi, wanda uban bai taɓa iya karanta ko harafi ɗaya nasa ba. A gida in ya yi mata Hausa da Turanci take amsawa, gajere. In ya yi mata Indiyanci kuwa takan biye masa, har da dariya wani lokacin. Ta nan kaɗai yake samun 'yarsa.

A shekarar da za ta gama sakandare, jami'a biyu suka karɓe ta, ɗaya a nan cikin gari, ɗaya a Columbus kusa da uwarta. Ba ta ce ga wadda ta zaɓa ba. Salifou ya tsorata ƙwarai, don ya san in ta tafi gidan ya mutu. Ana cikin haka Malama Sudha ta ce Dalila ce za ta yi jawabin masu fita a bikin bankwana na makarantar Indiyancin. Ranar bai goge daɓen da kyau ba don murna. Ya ƙudurta a ransa cewa da jawabin nan zai riƙe ta.

Sati shida suka yi a teburin kicin, bayan la'asar. Yana faɗa yana zagaya ɗaki, tana rubutawa. Shi jawabin bankwana na Indiyanci yana da tsarinsa, kuma minti huɗu aka ba ta. Da gaisuwa ake farawa, daga babba zuwa ƙarami: "Adarniya pradhanacharya ji, pujya gurujan, mere pyare sathiyo," wato shugaba mai girma, malamai abin girmamawa, abokaina ƙaunatattu. In ka sa abokai gaban malamai, ka ɓata tun ba ka fara ba. Sai tuna baya, ranar farko, wani abin dariya guda ɗaya wanda ba zai kunyata kowa ba. Sai godiya ga malamai, kuma a nan Salifou ya fi ƙarfi. Ya ce mata magana uku-uku take tafiya, masu ƙarewa da sauti ɗaya, ta ukun ta fi nauyi: "Apne parhaya, apne sambhala, apne sanwara." Kun karantar, kun riƙe, kun gyara. Yana buga mata teburi da yatsa don ta ji inda murya ke hawa da inda take sauka. Malama Sudha ta duba takardar ta cire wasu kalmomi, ta ce na masoyan fim ne, zauren makaranta yana son masu kamun kai. Salifou ya yi kwana biyu yana ƙorafi, sannan ya yarda.

Zuciyar jawabin ita ce shayari, waƙa mai layi biyu, da shi ya tsara da kansa:

Kal aye the ungli thame, aj akele jana hai,
Jo sikha is angan mein, wo umr bhar nibhana hai.

Jiya muka zo riƙe da yatsan manya, yau mu kaɗai za mu tafi. Abin da muka koya a tsakar gidan nan, da shi za mu rayu. Ba a karanta shayari a guje. Mai magana zai faɗi layin farko, ya maimaita shi, sannan ya tsaya. A cikin shirun nan masu sauraro ke cewa "wah, wah," suna hasashen amsa-amon da zai zo. Sai layi na biyu ya sauko a kansu. Duk daɗin yana cikin jiran.

"Ki ƙirga uku a ranki," in ji shi. "Kada ki ji tsoron shirun. Bon, to sake."

"Baba, kai ne kake koya wa mutum shiru?" ta ce da Indiyanci. Suka yi dariya tare, ya ji kamar ya riga ya ci nasara.

Bayan shayari sai neman gafarar kura-kurai, sai kalmar godiya, dhanyavad, a sauka. Haka ya san jawabin, ya haddace shi kaf. Bai san cewa a satin ƙarshe Dalila ta ƙara wani abu a ƙasan takardar ba. Ya ga layukan da idonsa, amma a wurinsa zane ne.

Ranar bikin, wata Lahadi a watan Mayu, ya ɗauki hutu ya sa babbar riga. Ya gayyato Alhaji Chaïbou mai gyaran mota da Nicodemus, wani mutumin Jos da suke shara tare. Suka zauna a layi na huɗu. 'Yan ajin da ke ƙasa su ne masu masauki, kamar yadda aka saba: suka miƙa wa masu fita furanni, ɗayansu ya yi jawabin sallama. Sannan aka kira Dalila ta amsa a madadin 'yan ajinta. Ta hau da doguwar riga da mayafi, ta haɗa tafukanta, ta jero gaisuwar ba gargada.

Alhaji Chaïbou ya ɗaga waya yana ɗauka, ya karkato ya ce, "Malam Salifou, me take cewa ne?"

Da ya ce masa bari sai an gama, da shi ke nan. Amma an tambayi mai fassara fassara. Ya fara da raɗa. Kafin ta kai godiyar malamai raɗan ya zama magana, kuma tsohuwar muryar gidan kallo ta dawo, da lanƙwasarta da rawarta. Wata mata a gabansu ta waiwayo sau biyu. Bai gan ta ba, don shi a lokacin yana Yamai.

Dalila ta faɗi layin farko na shayari. Ta maimaita. Ta tsaya tana ƙirga uku, kamar yadda ya koya mata. Zauren ya yi tsit, wasu dattawa sun buɗe baki za su ce "wah." A nan Salifou ya ga gurbi. Ya zuba layi na biyu da Hausa, da ƙarfi, har da ɗaga hannu. Nicodemus, bawan Allah, ya zaci an gama, ya tafa shi kaɗai. Yara suka fashe da dariya, kawuna duka suka juyo layi na huɗu.

Ta faɗi layinta cikin hayaniya, ba wanda ya ji. Ta nemi gafarar kura-kurai da murya ƙasa-ƙasa. Sannan ta juyo ta dubi ubanta, ta ci gaba da magana kusan rabin minti. Shi kuwa kansa na wajen kunnen Alhaji, yana ƙarasa jawabin da ya haddace, yana ƙara masa gishiri, yana bayanin yadda ya tsara waƙar. Sai da ya ji shirun ya yi yawa ya ɗago. Mutane suna kallonsa kamar masu jiran ya yi wani abu. Malama Sudha tana share ido. Dalila ta naɗe takardarta, ta ce dhanyavad, ta sauka.

A bakin ƙofa Malama Sudha ta ce masa, "Salifou ji, da kai take magana a ƙarshen nan. Ta tambaye ka abu. Me ya sa ba ka amsa ba?"

A mota ya yi ta roƙon Dalila ta maimaita masa abin da ta faɗa. Ya yi da Indiyanci. Ya yi da Hausa. Sai da suka kusa gida ta amsa, kuma da Hausa, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Baba, sati guda na yi ina gyara shi. Sau ɗaya ake faɗa."

"To ki ba ni takardar."

Ta miƙa masa. Ya riƙe ta a kan sitiyari yana kallon layukan, sannan ya mayar mata, don kunya ba za ta bar shi ya kai wa wani Ba'indiye ya karanta masa abin da 'yarsa ta ce da shi a gaban idonsa ba. Kunyar ce kuma ta sa ya roƙi kamfani ya canza masa aikin Lahadi. A watan Agusta Dalila ta tafi Columbus. Ba su yi faɗa ba. Tana kira duk sati biyu, da Turanci, minti biyar.

Har yanzu yana East Greensboro, yana gogen daɓe a wani ofis, gwiwa ta fara ba shi wahala. Baƙin cikinsa bai rage masa surutu ba, a masallaci ma ana tsokanarsa da shi. Bayan tafiyarta da wata guda ne ya daure ya ce Alhaji Chaïbou ya turo masa bidiyon. Ya zauna a teburin kicin ya kai shi daidai wurin. Ga Dalila can nesa a kan dandamali, ta juyo tana dubansa, bakinta yana motsi, har ta ɗan miƙo hannu. Wayar tana dab da kafaɗarsa lokacin da aka ɗauka. Ya ƙure sauti, ya manna ta a kunne, ya sake mayarwa baya. Muryarsa kaɗai ke fita.