Wutsiyar Wule

A layinmu na bayan tasha babu wanda bai san Zakiyya 'yar Bakoji ba, sai dai kowa da irin sanin da ya yi mata. Matan unguwa sun ce aikinta danne-danne. Masu shayi sun ce tana haɗa aljanu a kwamfuta. Uwarta Saude kuwa, in aka tambaye ta, sai ta ce yarinyar kiwo take yi, illa dai dabbobinta ba sa cin ciyawa, caji suke sha.

A ruga aka haife ta, can wajen Damari, a bakin daji. Sunan mahaifiyar Bakoji ta ci, shi ya sa bai taɓa kama sunanta ba, Uwata yake ce mata. Tun tana ƙarama ba ta da amfani a tatsa. A ba ta ƙwarya, sai a same ta ta kife ta tana zana shanu a ƙasa da tsinke. Da Bakoji ya ga nonon da ake asara ya yi yawa, sai ya ce a kai ta boko, ko shanu sa huta. Daga firamare sai sakandare, daga nan sai Zariya, inda ta karanto kwamfuta ta dawo da gilashi a ido da ciwon wuya. Wani ɗan kamfani a Kaduna mai yin katun na yara ya ɗauke ta, tana yi musu aiki daga gida. In za ta tura aikin sai ta hau tudun bayan makaranta tana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa.

Aikin nata, in an bi shi a hankali, ba na aljanu ba ne. Wani ne ke zana dabba, ita kuma ta sa mata ƙasusuwa a ciki don ta motsa. Gwanintarta a kan abin da ke reto ne: wutsiya, jelar rawani, mayafin jarumi. Takan jera ƙasusuwa kamar sarƙa, kowanne na rataye a jikin na samansa. Na gindi, wato na can sama inda sarƙar ta fara, shi kaɗai take motsawa da hannunta. Sauran ta rubuta musu doka, su bi na gabansu amma da 'yar makara, kamar yaran makarantar allo a bayan malami.

Shekara biyu da suka wuce ɓarayin daji suka kore garken Bakoji gaba ɗaya, da hantsi, yana tsaye. Ba su taɓa shi ba. Saude ta ce da sun mare shi ma da ya fi, ko ya sami abin faɗa. Iyalin suka dawo cikin gari, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. Mutumin da a da in ya kira shanu a Damari sai an ji a ƙauye na gaba, ya koma zaman tabarma a gindin dalbejiya. Gaisuwa yakan amsa da kai. Tuwo loma biyu. Sandarsa na jingine a bango har gara ta fara leƙa ta. Abin da ya fi ci wa Zakiyya rai shi ne tun ranar bai sake cewa Uwata ba. An kai shi asibiti an ce lafiyarsa lau, an yi rubutu ya sha, shiru dai.

Cikin garken akwai wata saniya mai farin goshi, Wule, wadda Bakoji ke ji da ita fiye da yadda yake ji da wasu 'yan uwansa, kuma 'yan uwan sun sani. Da kamfani ya aiko wa Zakiyya zanen saniya a sa mata ƙashi, sai ta yi wa kanta kwafi, ta fara shafa mata fari a goshi. Ba ta gaya wa kowa dalili ba. Ta dai ɗauko kwamfutar wata safiya ta zauna a bakin tabarmar uban, wai ɗaki akwai zafi, alhali ko gumi babu.

Ranar farko ƙasusuwa goma ta jera a wutsiyar, ba ta riga ta sa musu makara ba. Ta juya na gindi, duk wutsiyar ta tafi gaba ɗaya kamar muciya. Bakoji ya saci kallo ta gefen ido, ya mayar da kai. Saude da ke tankaɗe ta ce wannan saniya in ta kaɗe ƙuda sai ta karya wa kanta haƙarƙari.

Washegari ta sa dokar. Kwamfuta tana nuna hoto ashirin da huɗu ne a daƙiƙa ɗaya, su ne ido ke gani kamar motsi. Ta ce wa kowane ƙashi ya yi irin juyin da na samansa ya yi, amma sai bayan hoto biyu. Na biyu ya makara da biyu, na uku da huɗu, har zuwa na goma da ya makara da goma sha takwas, ya kusa cinye daƙiƙa guda. Wutsiya ta fara lanƙwasa tana tafiya kamar igiyar ruwa. Zakiyya ta ji daɗi, ta ɗan karkato masa allon. Tsohon ya daɗe yana kallo, sannan ya yi tsaki. Saude ta saki rariya. Shekara biyu ba a ji ko tsakinsa ba a gidan nan, sai ga shi ya yi wa saniyar kwamfuta.

Zakiyya ta yi kamar ba ta ji ba. Ta san abin da ya gani: maciji ne aka liƙa wa saniya a baya. Ta rage makarar zuwa hoto ɗaya. Ya fi kyau, sai dai in gindi ya tsaya, bakin wutsiyar yakan iso a makare ya tsaya cak kamar an taka masa birki, domin kwaikwayo kawai yake yi, ba shi da nauyin kansa.

A rana ta uku Bakoji ya miƙa hannu ya ɗauko ragowar igiyar guga. Bai dubi kowa ba. Ya riƙe ta, ya karkaɗa wuyan hannu sau ɗaya, ya tsaya. Hannu ya tsaya, amma bakin igiyar ya wuce, ya dawo, ya sake wucewa kaɗan, sannan ya kwanta. Ya ajiye igiyar kamar ba shi ya yi ba.

Karatun da ta biya a Zariya ke nan, tsoho ya yi mata shi da igiyar guga. Ta zauna ta sauya dokar. Maimakon kowane ƙashi ya kwafi na samansa, sai ta sa ana janyo shi zuwa inda ya kamata ya kasance, kamar da roba, yana kuma riƙe da gudunsa, don haka sai ya zarce kafin ya dawo. Lissafin daga gindi yake farawa ya gangara ƙasa, tsawon kowane ƙashi ba ya canzawa. Lambobi biyu ne ke riƙe da komai, ƙarfin jan da kuma birkin da ke kashe lilon. Da farko ta yi rowar birki, wutsiya ta kama karkarwa ba tsayawa, Saude ta ce a kai ta asibitin dabbobi, zazzaɓi ne. Ta ƙara birki, ta sa jan ya yi ƙarfi a sama inda nama yake, ya yi ta raguwa har zuwa gashin ƙasa, wanda ta bar shi sakwaf.

Ranar Alhamis da la'asar ta gama. Saniya ta kaɗa gindin wutsiya, motsin ya gangara gaɓa bayan gaɓa, tuntun gashin ya iso a ƙarshe ya fyaɗi kwiɓi, ya yi lilo sau biyu ya kwanta. Ko a Kaduna ba wanda zai ce a gyara. Ta tura kwamfutar gabansa gaba ɗaya, ta daina ɓoye-ɓoye.

Ya kalla sau uku. Sannan ya buɗe baki, murya a dushe kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba.

"Saniya ce. Amma ba Wule ba ce."

Zakiyya ta sunkuyar da kai. Ta san inda aka dosa. Wule tana da karaya a wutsiya, tafin hannu biyu daga gindi, wadda ta warke a karkace ta sandare. Kuma ita ce ta karya ta, tana 'yar shekara tara, ranar da 'yar maraƙar ta ƙi tashi ta murɗe mata wutsiya da hannu biyu har ta ji ƙas. Da yamma ta ce wata babbar saniya ce ta taka. Shekara goma sha shida ba ta gyara zancen ba. Da ta zo jera ƙasusuwan nan kuwa, da gangan ta miƙe su sambal, tana ganin ko a kwamfuta ta biya Wule wutsiyarta.

Bakoji ya ɗora yatsa a kan allo, allon da ta hana kowa taɓawa, daidai ƙashi na huɗu.

"Nan. Mayar mata da abinta."

Ta karkata ƙashi na huɗu kaɗan zuwa hagu, ta cire shi daga dokar lilo, ta ɗaure shi da na uku, duk inda na uku ya juya shi ma nan take, ba makara. Daga na biyar zuwa ƙasa ta bar su suna binsa yadda suke. Ta kunna. Sama ya tafi a sandare, daga wajen karayar kuma wutsiyar ta karye gefe, gashin ya zagayo ya sauka can sama kusa da ƙugu, ba a kwiɓi ba. Haka Wule ke yi, kullum tana dukan inda ƙudan ba ya nan.

Tsohon ya yi wani sauti a maƙogwaro, irin kiran da yake yi mata da safe. Saude ta shige ɗaki da sauri, wai ta bar wani abu a wuta, alhali murhu a waje yake.

"Baffa," in ji Zakiyya, ba ta ɗago ba, "ba taka ta aka yi ba."

"Ina bayan kargo ranar, ina kallonki." Ya goge ido da bakin rawani. "Da wannan karayar nake gane ta cikin shanu ɗari. Sake kunnawa, Uwata."

Ta sake kunnawa, ta kuma sakewa, har caji ya mutu. Da aka kawo tuwo ya cinye, ya ce miyar ba gishiri, Saude ta ce shekara biyu tana zuba gishirin nan daidai bai yaba ba, yau da ya sami baki sai ƙorafi.

Yanzu in ka bi ta layinmu da hantsi za ka same su a gindin dalbejiya, ita da gilashinta, shi da igiyar guga. Duk wutsiyar da za ta tafi Kaduna sai ta bi ta gabansa. Ya ƙi ta zaki sau huɗu, shi da bai taɓa ganin zaki ba. Mayafin wani jarumi kuwa ya ce a ƙara masa nauyi a ƙasa, mai shi zai ji sanyi.